Yadda ake gano abin da ke damun UPS mai yawan kuka ko mai mutuwa da zarar an ɗauke wuta

Kusan duk wanda ya kawo mini UPS shago, wato na'urar da ke riƙe wa kwamfuta wuta da batir in an ɗauke wuta, maganarsa ta farko ita ce, "Malam, batir za ka canza mata." Sau da yawa gaskiyarsa ce, batirin ne. Amma na sha ganin wanda ya sayi sabon batir, bayan wata biyu ya dawo da kukan nan dai, don tun farko ba batirin ne tushen matsalar ba. Shi ya sa ba na yarda a fitar da ko kwabo sai an yi awo. Abu huɗu ne ke sa UPS kuka ba ƙaƙƙautawa ko ta mutu cikin daƙiƙoƙi: lodi ya fi ƙarfinta, wutar da ke shigo mata ba ta da kyau, batir ya tsufa, ko cajar cikinta ta lalace. Za mu bi su ɗaya bayan ɗaya, daga wanda ba ya buƙatar kwance ko noti ɗaya zuwa wanda sai an buɗe ciki. Bayanin ya shafi ƙananan UPS na ofis da gida, masu 650VA zuwa 1500VA, waɗanda ake sa wa kwamfuta ɗaya ko biyu.

Kayan aiki

Babban abin da kake buƙata shi ne mitar awon wuta ta hannu, mai nuna lamba. Ko mai araha ta wadatar, in dai tana auna DC, wato wutar batir, da AC, wato wutar bango. Sai sukudireba mai bakin giciye wadda mariƙinta roba ne, da wayoyi biyu masu bakin kada don maƙale mita a jikin batir, da kwan babbar fitilar mota mai 12V 55W wanda aka haɗa masa waya biyu. Ka tanadi kuma kwan lantarki irin na da, mai zare a ciki, 60W ko 100W, a kan soket ɗinsa. Agogon wayarka zai yi maka aikin ƙirga lokaci, kyamararta kuma ta ɗaukar hoton wayoyi kafin ka cire su.

In ba ka da kwan mota, je wurin mai gyaran wayarin na mota ka nemi wanda zarensa ɗaya ya ƙone, ɗayan zaren ya isa. In kwan lantarki mai zare ya yi wuyar samu, yi amfani da allon kwamfuta shi kaɗai a matsayin ƙaramin lodi. Mita dai ba ta da madadi. In babu, ara.

Kafin ka taɓa komai, ka riƙe wannan: cire fulogin UPS daga bango ba ya nufin babu wuta a cikinta. Aikinta ke nan, ta samar da bolt 230 daga batir lokacin da bango ya mutu. Kashe ta da maɓallinta, cire fulogi, sannan ka buɗe. Cire zobe da agogon ƙarfe daga hannunka, domin ƙaramin batirin nan, in ƙarfe ya haɗa ƙafafunsa biyu, yana iya mai da zobe ja jawur a yatsanka.

Mataki na 1: Saurari kukan

Kukan UPS magana ce, kuma kowane kamfani da irin yarensa. Samfuran APC Back-UPS da yawa, in suna aiki da batir, sukan yi ƙara huɗu duk bayan daƙiƙa 30. In batir ya kusa ƙarewa sai ƙarar ta koma a jere da sauri, in lodi ya yi yawa kuma sai ta zama dogon sauti ɗaya mara yankewa. Akwai kuma 'yar ƙara ta tsawon minti ɗaya da ke dawowa duk bayan awa biyar, wadda ke nufin batir ya faɗi gwajin da na'urar ke yi wa kanta. Sauran kamfanoni suna da nasu tsarin, kuma yana cikin 'yar takardar da ke zuwa a kwali.

Abin da ya fi tsarin ƙarar amfani shi ne lokacin da take yin ta. Tana kuka ne alhali akwai wuta a bango, ko sai an ɗauke? Kukan yana farawa ne daidai lokacin da aka kunna wani abu? Sai an tayar da janareta take yi? Rubuta amsar, za ta rage maka rabin aiki.

Mataki na 2: Sauke mata lodi

Cire duk abin da ke jone a bayanta, ka bar ta ita kaɗai da wutar bango, ka kunna. In ta yi shiru, fitilarta ta tsaya a kore, to ka fara zargin lodi. Mayar da kayan ɗaya bayan ɗaya, kana dakatawa minti ɗaya tsakani, har ka kama wanda ke tayar da kukan.

Lambar da ke jikin kwali ce ke yaudarar mutane a nan. VA ba wat ba ne. A irin waɗannan ƙananan na'urori, wat ɗin da za su iya ɗauka kusan kashi 60 cikin ɗari ne na VA, wato mai 650VA ba ta wuce wat 360 zuwa 390. Kwamfutar tebur ta ofis da allonta sukan ci tsakanin wat 100 da 200, babu damuwa. Amma firinta mai amfani da garin tawada, duk lokacin da za ta ɗumama abin gasa takarda, tana iya fizgar wat 600 zuwa sama da haka a ɗan lokaci. Da ita, da injin hoton takardu, da na manna leda a jikin satifiket, da butar dafa ruwa, babu wanda ya cancanci zama a bayan ƙaramar UPS. A shagunan buga takardu wannan ne laifin da na fi kamawa: an jona doguwar soket a bayan UPS, kowa ya zo ya soka nasa.

Duba bayan na'urar kuma da kyau. Wasu suna da ramuka iri biyu, waɗanda batir ke riƙewa da waɗanda kariya kawai suke bayarwa daga tsallen wuta, kuma a kan na biyun za ka ga an rubuta `Surge Only`. Kwamfutar da aka jona a can za ta mutu nan take in an ɗauke wuta, alhali UPS lafiyarta lau.

Mataki na 3: Auna wutar da ke shigowa

In babu lodi amma tana ta kuka kamar an ɗauke wuta, to ko dai wutar ba ta isa cikinta, ko ta isa amma ta ƙi karɓa. Fara da mai sauƙi: wayar fulogi, da fis ko ɗan maɓallin kariya da ke baya kusa da inda wayar ke shiga. In maɓallin ya fito, danna shi. In fis ne ya ƙone, sa mai lamba ɗaya da shi, kada ka ɗaura zaren waya a madadinsa.

Daga nan juya mita zuwa AC, a kan lamba mafi girma, 600 ko 750, ka auna soket ɗin bango. Ƙa'idar wutarmu bolt 230 ce, amma kowa ya san yadda take faɗuwa da daddare a unguwar da tiransifoma ta yi wa gidaje kaɗan. Kowace UPS tana da iyakar da take jurewa, a rubuce a bayanta ko a takardarta. Wasu suna karɓa har ƙasa zuwa 140, wasu daga 160 ko 170 suke juya baya. Da wuta ta sauka ƙasa da iyakar sai ta koma kan batir tana kuka, kai kuwa kana ganin kwan ɗaki a kunne kana mamaki. Haka za ta yi ta shan batirin har ya ƙare, gobe ma haka, cikin 'yan watanni ya mutu. Maganin wannan sitabilaiza ce a gabanta, tsakanin bango da UPS.

Ƙaramin janareta ma haka yake yi mata, sai dai shi matsalarsa yawanci gudun inji ne. Wuta tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, in injin yana hawa yana sauka sai lissafin ya kauce, ka ji UPS tana ƙas-ƙas tana shiga batir tana fita. In da wutar gari tana zaman lafiya, da janareta ne kawai take haukacewa, kai janaretan a daidaita masa gudu, ka ƙyale UPS.

Mataki na 4: Gwada ta da ƙaramin lodi

Bar ta a jone da wuta mai kyau aƙalla awa takwas. Sannan jona mata kwan lantarki mai 60W shi kaɗai, ka kashe makunnin soket ɗin bango, ka fara ƙirga. Lafiyayyar 650VA za ta riƙe kwan nan fiye da minti ashirin ba tare da wahala ba. In ta mutu cikin daƙiƙa goma ko minti ɗaya, lodi ya fita daga zargi, saura batir da caja.

Kada ka yi wannan gwajin da kwamfutar da ke ɗauke da aikin mutane.

Akwai wani yanayi da ke kama da wannan amma daban yake. An ɗauke wuta, kwamfuta ta mutu nan take, ita kuwa UPS tana nan a kunne, har tana riƙe da kwan. Wasu kwamfutocin zamani ba sa jituwa da irin wutar da ƙananan UPS ke fitarwa daga batir, wadda ke tafiya hawa-hawa kamar matakala. Sabon batir ba zai gyara wannan ba, sai UPS da aka rubuta wa `Pure Sine Wave`.

Mataki na 5: Buɗe ka gwada batirin

Kashe, cire fulogi, kwance. Wasu suna da murfin batir a ƙasa ko a gaba, wasu sai an cire murfin gaba ɗaya. Ɗauki hoton wayoyin. Zare baƙar waya, sannan ja, kana riƙe da kan maƙalin, ba jan wayar ba. Abin da za ka tarar yawanci batirin dalma ne rufaffe, an rubuta 12V 7Ah ko 9Ah a jikinsa, Ah ɗin shi ne ma'aunin yawan cajin da yake ɗauka. Masu 1000VA zuwa 1500VA sukan zo da biyu a jere, su ba da bolt 24.

Fara da ido da hanci. Batirin da ya kumbura har ya matse a gurbinsa, ko ya tsage, ko farin gari ya taru a ƙafafunsa, ko yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, ba ya buƙatar awo. Ya gama. Sai dai kumburi alama ce da za ka riƙe har mataki na gaba, don zafi ko caja mai wuce kima ne ke kawo shi.

In jikinsa lafiya, bar shi ya huta kamar awa ɗaya, ka juya mita zuwa DC a kan 20, jan tsinke a ja, baƙi a baƙi. Cikakken batir yana nuna 12.7 zuwa 12.9. In ya nuna kusan 12.0 zuwa 12.3 bayan awa takwas a wuta, ko bai samu caji ba ko ba ya riƙewa. In ya tsaya a wajen 10.5 zuwa 10.8, ɗaya daga cikin ɗakuna shida da ke cikinsa ya haɗe, kowane ɗaki kuwa bolt biyu da ɗoriya yake bayarwa, babu cajin da zai dawo da shi.

A nan ne masu koyo suka fi faɗawa rami. Mita ta nuna 12.8, sai su ce batir lafiya. Mita ba ta jan komai daga batir, tambayarsa kawai take yi. Tsohon batir yana iya nuna cikakkiyar lamba alhali cikinsa ya zama kamar randar da ta cika da laka, ruwa har baki amma kofi biyu ka ɗiba ta ƙafe. Dubi abin da UPS ke nema a wurinsa: lodin wat 200, in ka haɗa da abin da ke salwanta wajen juya wutar, kusan wat 250 ne daga batir. Raba da 12, amfiya 20 da 'yan kai ke nan daga ɗan batirin 7Ah. Ko yana sabo fil, minti shida zuwa goma zai yi. Da ya tsufa kuwa, ana ɗora masa wannan nauyi bolt ɗinsa zai zube ƙasa da 10.5, UPS ta yanke don kare shi. Daƙiƙoƙin da kake gani ke nan.

Don haka maƙale mita a ƙafafun batir, ka jona kwan motar, wanda ke jan kusan amfiya huɗu da rabi. Ajiye kwan a kan tayil ko siminti, yana zafi ƙwarai. Batir mai rai zai sauka zuwa wajen 12.2, ya tsaya a nan, yana raguwa a hankali, bayan minti biyar yana nan kusa da 12. Mataccen kuwa za ka ga lambobi suna gudu, 11.5, 11, 10, hasken yana yin ja, duk cikin minti ɗaya ko biyu. In biyu ne a ciki, gwada kowanne shi kaɗai. Sau da yawa ɗaya ne ya mutu ya ja ɗan'uwansa.

Game da shekaru, masu ƙera waɗannan batura suna cewa uku zuwa biyar, amma lissafin nan a ɗaki mai sanyin digiri 20 zuwa 25 aka yi shi. Duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 yana raba rayuwarsa biyu. Ka auna da shago a Kano ko Sakkwato ko Damagaram cikin watan Afrilu, UPS a ƙarƙashin tebur, jingine da bango, ƙura ta toshe ramukan iska, ga ɗauke wuta sau da yawa a yini. A irin wannan zama, batirin da ya yi shekara ɗaya da rabi zuwa biyu ya yi ƙoƙari, ba na ganin laifinsa.

Mataki na 6: Gwada caja

Wannan matakin ne aka fi tsallakewa, shi ne kuma ke sa a yi asarar batir sau biyu. Ana yin sa da wuta a jone, don haka a kula. A wasu na'urorin ƙafafun batir ba a rabe suke da wutar bango ba. Yadda nake yi: fulogi a cire, na mayar da batir, na maƙale bakin kada a ƙafafunsa, na ajiye mita a gefe inda zan iya karantawa, na janye hannuna, sannan na jona fulogi. Ba na sake taɓa ciki sai na cire.

Karanta lambar kafin ka jona, ka karanta bayan ka jona. Ya kamata ta fara hawa cikin 'yan mintuna, in batir ya cika kuma ta tsaya tsakanin 13.5 da 13.8. Mai batir biyu, ka mayar da mita kan 200, ka nemi 27.0 zuwa 27.6. In lambar ba ta motsa ba ko kaɗan, ko tana ma raguwa, caja ba ta aiki. In batir ɗaya ya haura 14.5 ya zauna a can awa da awanni, caja tana dafa shi ne, ita ce mai kumbura shi.

Gargaɗi ɗaya: kada ka yanke wa caja hukunci da batirin da ɗakinsa ya haɗe. Shi zai danne lambar ƙasa, ka ɗora wa caja laifin da ba nata ba. Nemi batir mai lafiya, ko na aro, ko na babur mai bolt 12 don gwajin kawai. Auna wayoyin babu batir ma ba abin dogaro ba ne, domin wasu na'urorin ba sa tashi sam in ba su ji batir ba.

Wani mai shagon buga takardu ya taɓa kawo mini 650VA, ya ce wata biyu da suka wuce ya sa mata sabon batir, ga shi ko daƙiƙa biyar ba ta yi. Ya riga ya ƙulla cewa jabu aka sayar masa. Na auna batirin, 11.9. Na ɗora shi a cajar waje ya kwana, da safe bayan ya huta ya nuna 12.8, ya riƙe kwan mota minti goma yana 12.1. Batir dai da ransa. Na mayar da shi, na jona wuta, minti talatin mita tana 12.7 ba ta ɗaga ba, har ta fara zamewa. Da na leƙa fanel sai ga kafasito ɗaya a ɓangaren caja kansa ya kumbura, ƙasansa ya yi baƙi. Wato tun ranar da aka sa sabon batirin, cajin da ya zo da shi daga kanti kawai yake ci. Aka canza kafasiton, lamba ta hau 13.6 ta zauna. Na ce masa, "Alhaji, mai batir bai cuce ka ba, amma da ka ƙara wata guda a haka da batirin ya tafi." Batirin dalma in ya daɗe ba caji, gishiri yakan daskare a farantansa, daga nan ba ya komawa yadda yake.

In ba ka saba da aikin fanel ba, tsaya a nan ka kai wa mai gyara, ka gaya masa lambobin da ka gani. Akwai kafasitocin da ke riƙe wuta bayan an cire fulogi. Haka kuma in da batir mai kyau, babu lodi, wuta lafiya, amma tana dogon kuka da jar fitila daga kunnawa, to ɓangaren da ke juya wutar batir ne ya ƙone. A ƙaramar na'ura, tambayi kuɗin gyaran ka kwatanta da na sabuwa kafin ka amince.

Mataki na 7: Sa sabon batir

Tafi kasuwa da tsohon da kuma mitarka. Girman jiki ya zama ɗaya, bolt ɗaya, Ah ɗaya ko sama kaɗan, don 9Ah yakan shiga gurbin 7Ah. Dubi faɗin ƙafafun, iri biyu ne, milimita 4.8 da 6.3. Maƙalin da ya yi sako-sako yana zafi, yana kuma sa UPS ta ɗauka batir ya mutu, don haka matse shi da filaya in ya saki. Auna sabon a gaban mai kanti: in bai kai 12.5 ba, ya daɗe a ajiye, nemi wani. Ɗaga shi a hannu kuma. Na ƙwarai mai 7Ah yana kai kilo biyu ko ya ɗan wuce, wanda ka ji sakayau an rage masa dalma ne. In biyu ne a na'urar, canza su tare, iri ɗaya, ko da ɗayan yana da sauran rai, domin tsoho da sabo a jere ba sa raba caji daidai.

Jona ja a ja, baƙi a baƙi, kana duba hoton da ka ɗauka. 'Yar tartsatsi lokacin jona waya ta ƙarshe ba komai ba ce, amma juya wayoyin yana ƙone fanel nan take. Rufe, ka bar ta a wuta awa takwas zuwa kwana ɗaya babu lodi, sannan ka maimaita gwajin mataki na 4. Rubuta ranar a kan salatif ka manna a jikinta.

Ana yawan tambayata ko a jona batirin mota don ta daɗe. Ba na ba da wannan shawara. Cajar cikinta da kyar take ba da amfiya ɗaya, kwanaki za ta yi ba ta cika batir mai 60Ah ba. Tiransifomarta kuma an yi ta ne don aikin mintuna, yawanci ko fanka babu, in ta yi awa tana aiki za ta gasu. Mai son awanni, inbata yake buƙata.

Tsohon batirin kada ya kwana a tsakar gida inda yara ke wasa, kada kuma a fasa shi. Dalma ce da ruwan asid a ciki, dalmar da ta hallaka ɗaruruwan yara a ƙauyukan haƙar zinare na Zamfara a 2010. Naɗe ƙafafunsa da salatif, ka mayar wa masu sayar da batir, suna karɓa har su rage maka wani abu a kuɗin sabon. UPS ɗin kuma ka ɗaga ta daga ƙasa, ka bar mata tazarar tafin hannu daga bango, duk wata uku ka kashe soket da kwan 60W a jone ka rubuta mintunan da ta yi. Ranar da suka koma rabin na farko, fara neman batir.